Naira da sefa a Zangon Kwatano: lissafin da ke hango tsadar kaya tun ba ta iso ba

A shekarar 2014, wanda ya miƙa jaka guda ta sefa ga ɗan canji a Kwatano, naira ɗari uku da 'yan kai zai karɓa. A ƙarshen 2024 wannan jaka guda tana kawo kusan naira 2,500. Mutanen Zango ba a jarida suka karanta wannan labari ba, a hannunsu ya faru. Unguwa ce da ke dab da tashar jiragen ruwa, inda Bahaushe da Bazabarme da Dandi da Bayarabe suke sahu ɗaya a babban masallaci, su fito su koma cinikin da ƙafarsa ɗaya ke Legas, ɗayar kuma Malanbil da Gaya. Daga Zango zuwa tashar Jonke, zuwa kasuwar Dantokpa, har bakin iyaka a Seme, za ka tarar da ɗan canji zaune a kan benci, damman kuɗi ɗaure da roba a gabansa, kwakuleta a cinya, waya a kunne. Damin naira kullum ƙara kauri yake yi, na sefa kuwa yana nan yadda aka san shi.

Nijeriya da Benin maƙwabta ne, abinci kusan iri ɗaya suke ci, fari da ambaliya sukan same su tare, tsadar alkama da takin zamani ta 2022 ba ta bar kowa ba. Duk da haka, a Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ta Benin kuwa a shekarar ba ta kai kashi 2 ba. Akwai wani tsohon lissafi da ke bayyana mafi yawan wannan tazara, wanda masanin tattalin arzikin Amurka Irving Fisher ya tsara shi a littafinsa na 1911 kan ƙarfin sayen kuɗi. A yau ga yadda ake rubuta shi:

```
M × V = P × Y
```

M shi ne yawan kuɗin da ke hannun jama'a, na takarda da na asusun banki duka. V shi ne saurin zagayen kuɗi, wato sau nawa kowace naira ko sefa take sauya hannu wajen sayen kaya a shekara. P shi ne farashi, Y kuma yawan kaya da ayyukan da ƙasa ta samar.

Saurin zagaye shi ne abin da ya fi shige wa mutane duhu, alhali kullum a gabansu yake faruwa. A ce direban tirela da ya sauke kaya daga arewa ya fito da takardar jaka goma da safe ya biya kuɗin masauki. Mai masauki ya ba mahauci ita. Mahauci ya kai wa dillalin awaki, dillali ya biya telan da ya ɗinka wa iyalinsa kayan salla, tela kuma kafin magariba ya sayi shinkafa da mai da ita. Takarda ɗaya ce, amma ta yi cinikin jaka hamsin. Da mai masauki ya jefa ta cikin akwati ya kulle, da cinikin jaka goma kawai ta yi. Kuɗin da ke kwance ba ya neman kaya, don haka ba ya ɗaga farashi. Shi ya sa ba a kallon yawan kuɗi shi kaɗai, sai an haɗa da gudunsa.

A matakin ƙasa ba wanda ke bin takarda yana ƙirga hannuwa. Raba lissafi ake yi: a ɗauki darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, a raba da yawan kuɗi. A 2022 Nijeriya ta samar da abin da ya kai kusan naira tiriliyan 200, a ma'aunin hukumar ƙididdiga na wancan lokaci, kuɗin da ke hannun jama'a kuma a ƙarshen shekarar kusan tiriliyan 52 ne. Kowace naira ke nan ta zagaya kusan sau huɗu.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da lissafin. Yadda yake a rubuce, ba ya taɓa ƙaryata kansa, domin kuɗin da masu saye suka biya dole ya yi daidai da kuɗin da masu sayarwa suka karɓa. Wannan ba hasashe ba ne, ƙididdigar kanti ce. Yana zama hasashe ne idan aka ƙara zato guda biyu: cewa saurin zagaye ba ya sauyawa sosai, kuma cewa ƙarin kuɗi ba ya ƙara buhunan masara ko gangunan mai. Idan zaton ya tsaya, hauhawar farashi za ta zama ƙaruwar kuɗi a cire ƙaruwar kaya. Kuɗi ya ƙaru da kashi 20, kaya da kashi 3, sai a sa ran farashi ya tashi da kusan kashi 17.

Mu gwada shi da shekaru goman da jakar sefa ta tashi daga naira ɗari uku zuwa 2,500. A ƙarshen 2014 kuɗin da ke hannun jama'ar Nijeriya kusan naira tiriliyan 19 ne. A ƙarshen 2024 ya haura tiriliyan 110. Ninki shida ke nan, ko kusa da haka. Kayan da ƙasar ke samarwa fa? Sau biyu tattalin arzikin ya ja da baya, a 2016 da 2020, sauran shekarun kuma, a ma'aunin wancan lokaci, ba wadda ta kai kashi 4. Idan aka tara su duka, ƙaruwar ba ta cika kashi 20 ba. A raba shida da 1.2, a sami biyar. Lissafin Fisher ya ce farashi zai ninka sau biyar. Idan kuma aka ɗauki alkaluman hauhawar farashi na kowace Disamba daga 2015 zuwa 2024, daga kashi 9.6 na farko har zuwa 34.8 na ƙarshe, aka jera su bisa juna, abin da ke fitowa ninki biyar ne da ɗan ɗoriya. Da wuya a sami wani lissafi a fagen tattalin arziki da zai faɗi kusa da gaskiya haka da alkaluma biyu kacal.

Daga ina kuɗin ya fito? Babban kaso ya bi ta hanyar bashin da Babban Bankin Nijeriya ke ba gwamnatin tarayya don cike giɓi. Dokar bankin ta 2007 ta ƙayyade wannan bashi ga kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya shi cikin shekarar. A zamanin gwamnan bankin Godwin Emefiele aka tsallake iyakar nesa ba kusa ba, har a Mayun 2023 majalisar dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 na wannan bashi ya zama na dogon zango. Bashin babban banki ba kamar na maƙwabcinka ba ne. Idan maƙwabci ya ranta maka, aljihunsa ya ragu, naka ya ƙaru, jimilla tana nan. Idan babban banki ya ranta wa gwamnati, lambobi yake rubutawa a asusunta, kuɗin da jiya babu shi. Gwamnati ta biya ɗan kwangila da ma'aikaci, su ajiye a banki, banki ya ba da rance a kansa, kuɗin ya hayayyafa. Gonaki da masana'antu kuwa ba su ƙaru don an rubuta lambobi ba.

A ɓangaren sefa an toshe wannan ƙofa. Babban bankin ƙasashe takwas, BCEAO, da ke Dakar, a da yakan ranta wa baitulmalin kowace ƙasa har kashi 20 na harajin da ta tara a shekarar baya. An daina hakan tun farkon shekarun 2000, gyaran dokar bankin na 2010 kuma ya haramta shi. Ga kuma ɗaurin sefa da kuɗin Turai: tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, bai motsa ba. A shekaru goman da muke magana, abin da Benin ke samarwa ya ƙaru da fiye da kashi 60, farashi kuwa gaba ɗaya bai tashi da kashi 15 ba. Kuɗi ya ƙaru a Benin ma, amma ya tarar da kayan da zai saya. Masu sukar sefa suna da hujjojinsu kan 'yancin ƙasa da tsadar rance, kuma muhawara ce mai nauyi. Sai dai a kan batun riƙe daraja, bencin ɗan canji ya riga ya yanke hukunci.

Wanda ya ga lissafin ya ci jarrabawar shekara goma zai so ya gwada shi a shekara ɗaya, to a nan ne ake tuntuɓe. A 2023 kuɗin Nijeriya ya tashi daga kusan tiriliyan 52 zuwa kusan 79, ƙarin kashi 51. Kaya ya ƙaru da ƙasa da kashi 3. Lissafi ya ce farashi zai tashi da kusan kashi 47. Abin da hukumar ƙididdiga ta sanar a Disambar shekarar kashi 28.9 ne. Kuskuren ba ƙarami ba ne, kuma dalilinsa ya cancanci a tsaya a kansa.

Cikin kuɗin da babban banki ke ƙirgawa har da dalolin da mutane da kamfanoni suka ajiye a bankunan Nijeriya, ana lissafa su da naira. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga kusan 460 a farashin hukuma zuwa sama da 750, kafin shekara ta ƙare ta doshi 900. Mai dala dubu goma a asusu, a littafin banki ya tashi daga mai naira miliyan huɗu da dubu ɗari shida zuwa mai miliyan tara, alhali ko sisi ba a ƙara masa ba, kuma bai je kasuwa ba. Wani babban yanki na ƙarin kashi 51 irin wannan ne: kumburin takarda, ba sabon kuɗin da ke farautar shinkafa ba. A lissafi sai ya bayyana a matsayin faɗuwar saurin zagaye. Darajar abin da aka samar a 2023 kusan tiriliyan 230 ce, a raba da 79, zagayen ya sauko ƙasa da sau uku. Zaton cewa V ba ya motsi ya karye a wannan shekara.

Dalili na biyu shi ne jinkiri. Sabon kuɗi ba ya isa farashi ranar da aka ƙirƙire shi. Albashi sai an yi yarjejeniya, haya sai shekara ta zagayo, ɗan kasuwa yakan sayar da tsohon kaya kafin ya ji zafin sabon sari. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya daɗe yana cewa jinkirin yana da tsawo kuma ba shi da tsayayyen wa'adi. Amurka ta ƙara kuɗinta da kusan kashi 25 a 2020, hauhawar farashinta ba ta kai ƙololuwa ba sai Yunin 2022, da kashi 9.1. A Nijeriya ma abin da 2023 ta shuka, 2024 ce ta girbe shi.

Akwai wani gwaji da Nijeriya ta yi wanda ya nuna kuskuren ɗaukar kuɗin takarda a matsayin dukan kuɗi. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Takardun da ke yawo suka ragu daga sama da tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1 a Fabrairun 2023. 'Yan canjin bakin iyaka da fatake masu damman tsofaffin takardu sun ga tashin hankali, ga wa'adi yana ƙaratowa, ga bankin da za a kai su yana wata ƙasa. A ƙauyuka an karyar da dabbobi da hatsi ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Amma alkaluman hauhawar farashi na ƙasa ba su sauka ba: kashi 21.8 a Janairu, 21.9 a Fabrairu, 22 a Maris. Takarda tiriliyan 3 ce cikin kuɗi tiriliyan 52. Sauran yana asusun banki, kuma ya ci gaba da yawo ta waya da na'urar POS. An wahalar da talaka, M kuwa kusan bai san an yi ba.

Saurin zagaye yana iya bijirewa ta ɗaya gefen ma, kuma wannan ne ya fi haɗari. Idan mutane suka tabbata kuɗi zai zube, ba mai son ya kwana da shi. Ɗan canjin da ya karɓi naira da hantsi zai nemi mai sayenta kafin la'asar, mai shago zai mayar da ciniki kaya nan take, ma'aikaci zai sayi buhun wata uku ranar albashi. Kowa yana kare kansa ne, amma a jimilla sun ƙara wa kuɗin gudu, farashi ya tashi fiye da abin da ƙarin kuɗi kaɗai zai jawo. Zimbabuwe ta 2008 ita ce ƙarshen wannan hanya. Alamar wannan gudu ta farko ba a rahoton hukuma take fitowa ba. Ana ganinta ne ranar da mai kaya ya ƙi faɗin farashi da naira sai ya duba waya, ko ya ce a biya shi da sefa. Wani ɓangare na dalilin da ya sa canji ya ninka sau bakwai da rabi, alhali tazarar farashin ƙasashen biyu ba ta kai ninki biyar ba, shi ne wannan gudun. Ɗaya ɓangaren kuma, a 2014 kuɗin ɗanyen mai ne ya riƙe naira sama da ƙarfinta.

Benin tana da nata darasin, wanda ke nuna cewa ba kowane tashin farashi ne daga kuɗi yake farawa ba. A 12 ga Janairun 1994, zamanin shugaba Nicéphore Soglo, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Dattawan Zango suna tuna yadda kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa suka ninka kuɗi cikin kwanaki. Farashi a Benin ya tashi da kusan kashi 38 a shekarar. A nan farashi ne ya ja gaba, kuɗi ya biyo baya. Amma da yake babban banki bai buɗe famfo don ya bi tsadar ba, a 1995 hauhawar ta sauko kusan kashi 14, a 1996 kuma ƙasa da kashi 5. A daidai lokacin, Nijeriya ta Abacha, inda babban banki ke cike giɓin gwamnati, ta haura kashi 70 a 1995.

Haka aka sake gani a 2023. Da Bola Tinubu ya cire tallafin mai a 29 ga Mayu, fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake kira kpayo, wanda ake jerawa cikin manyan kwalabe a bakin titunan Kwatano, ya kusa ninka kuɗi, 'yan zemijan masu rawayar riga suka ƙara kuɗin hawa. Bayan wata biyu juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli ya rufe gadar Malanbil, albasa ta yi tsada, tireloli suka yi cirko-cirko. Duk da haka hauhawar farashin Benin a shekarar ta tsaya ƙasa da kashi 3. Idan kuɗin aljihu bai ƙaru ba, wanda ya biya ƙari a fetur dole ya rage a wani wuri, sai mai sayar da wancan ya kasa ƙara nasa. Tsadar abu ɗaya ko biyu daban, tashin komai da komai shekara bayan shekara daban. Na biyun ba ya ɗorewa sai ana ciyar da shi da sabon kuɗi.

Kakannin fataken nan ma sun taɓa gani. Ta gaɓar tekun nan, musamman Wida da Legas, kamfanonin Hambug da Marsai suka riƙa sauke wuri mai araha daga Zanzibar tun tsakiyar ƙarni na 19, dubban tan. Matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canza dalar azurfa da wuri 2,500 a Kano a 1851. Kafin ƙarnin ya ƙare adadin ya ninka, a bakin teku kuwa lalacewar ta fi haka, har ɗaukar kuɗin ya zama wani kaya na kansa.

To me ɗan kasuwar Zango zai yi da wannan? A ce ya sari kaya na sefa miliyan ɗaya, ya ba abokin cinikinsa na Legas bashi na wata shida, aka yanka farashi da naira daidai da sefa 1,100,000 a canjin ranar. A takarda ribarsa dubu ɗari ce. Idan kuɗin Nijeriya yana ƙaruwa da kashi 20 a shekara, kaya da kashi 3, farashin can zai tashi da kusan kashi 17. Na Benin a ce kashi 2. Tazarar da ke tsakani, kusan kashi 15 a shekara, ita ce abin da ake sa ran naira za ta rasa a gaban sefa, wato kusan kashi 7 a wata shida. Ranar biya nairorinsa za su kawo masa kusan sefa 1,027,000. Ribar dubu ɗari ta koma dubu ashirin da bakwai, kafin a cire mota da kwastan. Kuma faɗuwar ba a hankali take zuwa ba. Naira takan yi shiru na watanni ko shekaru tana tara bashi, sannan ta biya shi dare ɗaya, kamar yadda ta yi a Yunin 2016, da Yunin 2023, da farkon 2024. Lissafin Fisher zai gaya maka yawan ruwan da ya taru a bayan madatsa, ba zai gaya maka ranar da za ta ɓalle ba.

Wanda zai yi amfani da shi ya ɗauki matsakaicin shekara uku zuwa biyar, kada ya ɗauki wata guda. Idan ya ga kuɗin Nijeriya ya yi tsalle, ya fara duba ko an karya darajar naira a lokacin, don ya ware kumburin asusun dala daga bashin gwamnati. Ya kuma yi hattara da sauyin ma'auni: a Janairun 2025 hauhawar farashin Nijeriya ta sauko daga kashi 34.8 zuwa 24.5 cikin wata ɗaya, ba don kaya sun yi sauƙi ba, sai don hukumar ƙididdiga ta sabunta kwandon kayan da take aunawa da shekarar da take farawa daga ita. Alkaluman ba a ɓoye suke ba. Babban Bankin Nijeriya yana fitar da na yawan kuɗi wata-wata, BCEAO tana fitar da nata, hukumar ƙididdigar Benin, INStaD, tana sanar da na farashi. Duk mai shirin ba da bashi da naira fiye da wata uku, ya duba su kafin ya yanka farashi, in kuwa ba zai iya ba, ya rubuta bashin da sefa.